Alhaji ya ba ni katinsa, amma ya yi shiru

Malam, ina gaisuwa. Ina harkar zoɓo tsakanin Gumel da Maigatari, ina saye a hannun manoma ina kai wa dillalai. A farkon Satumba na je wani taron kwana 2 a Abuja kan fitar da amfanin gona zuwa ƙasashen waje. Lokacin cin abinci na zauna kusa da wani Alhaji ɗan Kano mai kamfanin fitar da zoɓo da riɗi. Mun yi hira kamar ta minti 15, ya koka da yadda ake kawo masa kaya da yashi da danshi, ya ba ni katinsa ya ce in neme shi. Da na dawo na tura masa "Salam, ranka ya daɗe" ta WhatsApp, ranar Juma'a kuma na tura masa barka da Juma'a. Yau kwana 9, shiru kake ji. In kira shi ne ko in haƙura? Akwai kuma wasu katuna 13 a aljihuna da ban san yadda zan yi da su ba.

Ƙaninka daga Gumel

Ƙanena, kada ka kira tukuna, kada kuma ka haƙura. Ina kyautata zaton Alhaji bai ƙi ka ba, bai ma san kai ne ba.

Ka ɗauka wayarsa ce a hannunka. Kai ka karɓi katinsa, shi bai ajiye lambarka ba, don haka abin da ya bayyana a fuskar wayar shi ne lamba tsirara, sai ɗan sunan da ka sa wa kanka a WhatsApp idan ya buɗe ya duba, sai kalmar "Salam". Mutumin da ya raba kati a taron kwana 2 ya raba wa mutane da yawa, kuma a makon da ya biyo baya irin wannan sallamar ke ta shigo masa daga lambobin da bai sani ba. Ni kaina na sha dawowa daga taro in tarar da su jere. Abin da ke zuwa raina, Allah ya yafe mini, shi ne idan na amsa, saƙo na gaba zai zama neman aiki ko neman taimako. Mai hali ya saba da gaisuwa da roƙon iri, saboda haka sallamar da ba ta zo da bayani ba yakan bar ta har sai ya ga abin da ke biye da ita. Kai kuma kana can kana jiran ya amsa kafin ka faɗi abin da ke tafe da kai, kamar yadda ladabi ya koya mana a zaure. A zaure daidai ne, domin yana ganin fuskarka. A waya babu fuskar, sai abin da ka rubuta, shi ya sa gaisuwa da suna da dalili suke tafiya a saƙo guda.

Hoton barka da Juma'a kuwa ka bar shi haka. Ba laifi ba ne, addu'a ce, amma ya sa ka cikin jerin mutanen da ke turo abin da aka turo musu, kuma wannan jerin ba a karanta shi. In ma ta Broadcast ka tura, to bai isa gare shi ba sam, domin WhatsApp ba ya kai irin wannan saƙon sai ga wanda ya ajiye lambar mai turawa. Haka abin da kake ɗorawa a Status, ba zai gani ba sai kun ajiye lambar juna. Na faɗi wannan ne saboda na san matasa da yawa da ke ɗora hoton kayansu kullum suna zaton babban mutumin da suka haɗu da shi yana kallo.

Da a ce tun kana mota kan hanyar dawowa ka tambaye ni, da na ce ka rubuta masa a daren ko washegari, lokacin da fuskarka da muryarka ba su gushe masa ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. To amma kwana 9 bai kai a yi jana'iza ba, musamman da yake kana da abin da yawancin masu karɓar kati ba su da shi, wato ya faɗa maka abin da ke damunsa. Yashi da danshi. Wannan kukan da ya yi, shi ne igiyar da za ka kama. Sunanka zai iya ɓace masa, garinka ma haka, amma matsalar da ke cinye masa riba ba ta ɓace masa, kuma duk wanda ya ambace ta zai tuna ya taɓa zama da shi.

Kafin ka rubuta komai, ka jira Alhamis ka shiga kasuwar Maigatari kamar yadda ka saba. A nan ne za ka samo abin da za ka riƙa a hannu. Matasa kan ce mini, me ƙaramin mutum irina zai ba mai kamfani? Kana da abin da ba shi da shi. Yana zaune a Kano, labarin daji yana isa gare shi ne ta bakin dillalan da ke da riba a cikin abin da suka faɗa masa. Kai kuwa kana tsaye a wurin. Ka san nawa aka sayar da buhun tsohon kaya a wannan makon, ka san ko ragowar bara ta ƙare ko akwai masu ɓoyo, ka ga yadda gonakin zoɓo suka yi bana a ƙauyukan da kake zagayawa, ka ji ko baƙin masu saye sun fara shigowa suna ba manoma kuɗi tun kafin kaka. Wannan labari kuɗi ne a wurin mai shirin cika kwantena, kuma kai ba ka kashe ko sisi ba wajen samunsa.

Ranar Alhamis da yamma, ko Asabar da hantsi, sai ka tura saƙo mai kama da wannan:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne wane daga Gumel, mai harkar zoɓo, wanda muka zauna tare wurin cin abinci a rana ta biyu ta taron Abuja, har ka yi mini maganar yashi da danshi a kayan da ake kawo maka. Alhamis ɗin nan na shiga Maigatari, tsohon kaya ana sayar da buhu naira kaza, kuma ya yi ƙaranci. Sabo muna sa ran fara ganinsa wajen Nuwamba. Manoman da nake saye a hannunsu a kan leda suke shanyawa, ba a ƙasa ba. Idan ka amince, zan aiko maka da samfurin kilo 1 ka duba. Wa zan damƙa wa a ofis?"

Dubi yadda aka gina shi. Layin farko ya ɗauke masa wahalar tunani, ya ba shi wuri da rana da maganar da ya yi da bakinsa. Tsakiya ta ba shi abin amfani ko da bai amsa ba. Ƙarshe kuma tambaya ce guda ɗaya wadda zai iya amsawa da suna da lamba yana tafiya zuwa masallaci. Wannan na ƙarshen shi ne inda mutane suka fi faɗuwa. "Ina so mu yi harka tare" ba tambaya ba ce, aiki ne ka ɗora masa, domin sai ya zauna ya yi tunanin wace harka, nawa, yaushe. "Ka taimaka mini, ranka ya daɗe" ya fi muni, ya mai da kai mai roƙo alhali kai ɗan kasuwa ne da kaya a hannu. Gwargwadon sauƙin amsa, gwargwadon saurin zuwanta.

Maganar leda da na sa a ciki, ka sa ta ne kawai idan gaskiya ce. In manomanka a ƙasa suke shanyawa, faɗi abin da kake yi da gaske, ko tankaɗewa ne ko tsincewa. Mutumin da ya shekara yana buɗe buhu zai gane da zarar ya zuba samfurin a farar takarda ya ga abin da ya kwanta a ƙasa.

Kada ka nemi afuwar jinkiri fiye da kalma biyu, kada kuma ka ce "na turo saƙo ban ji amsa ba". Tuna baya shi ne roƙo, kuma wannan jumlar tana sa babba ya ji kamar ana binsa bashi. Saƙon murya ma ka bar shi sai kun saba. Na san ya fi mana sauƙi, baki ya fi yatsa sauri, amma ba a iya leƙa saƙon murya a tsakiyar ganawa, ba a iya nemo shi da kalma bayan wata guda, kuma minti 3 na muryar baƙo abu ne da ake cewa sai anjima, anjimar da ba ta zuwa. Hoto guda biyu sun isa, ɗaya na zoɓon a tafin hannu cikin hasken rana don a ga launi da girman furen, ɗaya na wurin shanya. Idan kana so hoton ya je da kyansa, tura shi a matsayin Document, domin hanyar da aka saba tana rage masa inganci.

Da zarar ya ba ka suna, sai alƙawari ya hau kanka, kuma a nan ne ni na taɓa yin asara. Shekarun baya na haɗu da wani mutum a taro, ya nemi in aiko masa da taƙaitaccen bayanin wani aiki da nake yi. Na ce sai na tsara shi ya yi kyau. Na gyara, na sake gyarawa, na ba wani ya duba mini, mako 6 suka wuce. Ranar da na tura, amsarsa layi ɗaya ce cikin mutunci: sun riga sun ba wani. Shafi guda da na rubuta a daren farko da ya wadatar. Saboda haka in ka ce samfur zai iso Litinin, ya iso Litinin. Gumel zuwa Kano ba tafiyar kwana ba ce. Ka ƙulle shi a leda mai kauri, ka rubuta sunanka da lambarka da ƙauyen da kayan ya fito da ranar da aka ɗebo a takarda ka sa a ciki, ka sake rubutawa a waje. Ka ba direba a tasha, ka tura lambar direban ga wanda zai karɓa. Ka kuma ajiye rabin irin wannan samfurin a gida, domin ranar da aka yi ciniki shi ne shaidar abin da kuka yi magana a kai. Kada ka tsince mafi kyau ka aika alhali buhunanka ba haka suke ba. Wanda ya yi haka ciniki ɗaya yake yi.

In da hali ma, kai samfurin da kanka ya fi. Zumunci a ƙafa yake, kuma minti 5 a tsaye a sito ya fi saƙo 20. Sai dai ka je da izini, a ranar da aka ce ka zo, kada ka faɗo masa kamar ruwan bazara.

Yanzu amsoshin da za ka iya samu, domin karanta su ma ilimi ne. Idan ya ce "yi magana da manajana" ya turo lamba, kada ranka ya ɓaci ka ga kamar ya tura ka gefe. Wannan ita ce amsa mafi kyau. Manajan ne ke auna kaya, shi ke duba danshi, shi ke cewa a karɓa ko a mayar, kuma za ka fara masa da "Alhaji ne ya ce in neme ka", wadda ta fi kowace gabatarwa nauyi. Ka riƙe shi da daraja kamar mai gidan. Bayan kun yi magana, ka koma wa Alhaji da layi ɗaya cewa kun gana, samfur ya isa, ka gode. Mutane kan manta wannan komawar, alhali ita ke sa sunanka ya sake wucewa ta gabansa ba tare da ka nemi komai ba.

Idan ya jefo tambayoyi, tan nawa za ka iya haɗawa a wata, a ina za ka sauke, nawa ne farashinka har Kano, to magana ta kama. A nan ka kiyayi bakinka. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar zoɓo wajen tan 12, saboda kaya ne mara nauyi mai cin wuri, kuma da wannan ma'aunin mai fitarwa yake lissafi. Idan ƙarfinka tan 3 ne, ce tan 3. Zai haɗa naka da na wasu, abin da yake yi ke nan dama. Amma in ka ce 12 don ka burge shi, ya sa ka a lissafi, ranar lodi ka zo da 4, ka ɓata masa alƙawarin da ya yi wa mai saye a waje, kuma ba zai sake ɗaga wayarka ba. Kai ma ka yi naka tambayoyin: iyakar danshin da suke karɓa, nauyin buhun da suke so, ko suna raba cikakken fure da gari a farashi, da kuma kwana nawa suke biya bayan an auna. Mai tambaya irin wannan ana ganin ya san sana'a.

Idan kuwa amsar "to madalla, Allah ya sa albarka" ce, ko ɗan hoton babban yatsa, ko "za mu yi magana", ƙofa ba ta rufe ba kuma ba ta buɗe ba. Ya gane ka, lokacin ne bai yi ba. A watan Satumba mai fitar da zoɓo bai matsu ba, matsuwarsa tana zuwa ne idan sabon kaya ya fara shigowa kowa yana rububi. Ka gode masa, ka ce za ka riƙa sanar da shi yadda kasuwa take, sannan ka cika. Layi biyu bayan kowane mako 2 ya isa: farashi, yawan kaya, abin da ka gani.

In shiru ya ci gaba fa? Duba alamar da ke jikin saƙon. Guda ɗaya mai toka na nufin bai ma shiga wayarsa ba, wataƙila lambar katin ta ofis ce ko wadda ba ya amfani da ita a WhatsApp, sai ka gwada imel ɗin da ke katin, ka sa "Zoɓon Gumel, taron Abuja" a kan saƙon. Guda biyu masu toka na nufin ya shiga, amma ba hujja ba ce cewa bai karanta ba, domin manya da yawa suna kashe shuɗiyar alamar. Ka ba shi mako guda. Daga nan kiran waya ya halatta, tsakiyar mako, wajen ƙarfe 11 na safe, ban da Juma'a, ban da bayan isha'i. Ka faɗi sunanka da taron da maganar yashi a numfashi ɗaya, ka tambaya ko yana da minti 2. In bai ɗaga ba, kada ka jera kira 5. Sau ɗaya, sai ɗan rubutu cewa kai ne ka kira. Bayan mako 2 ko 3 ka sake taɓawa da sabon labari, ba da "ina tuni" ba. Uku ke nan. A ganina bayan uku sai a dakata, har ranar da sabon zoɓo ya sauka a hannunka, ka ɗauki hotonsa ka tura. Wannan dalili ne sabo, ba naci ba ne.

Akwai kuma hanyar da ta girmi waya. Mai fitar da zoɓo daga Kano da wuya a ce ba shi da mutane a kasuwar Dawanau, kai kuma kana kai wa dillalai kaya. Tambayi wanda ka yarda da shi ko ya san Alhajin. "Yaron nan na Gumel na san shi, kayansa da tsabta" daga bakin wanda ya sani ya fi duk abin da za ka rubuta. Sai dai ka zaɓi wanda za ka tambaya, domin dillalin da ya ga kana shirin tsallake shi ba zai yabe ka ba. Tambayar tana da wani amfanin ma: za ka ji ko Alhajin yana biya a kan lokaci. Kati mai ƙyalli da zama a babban otal ba su ne shaidar biya ba. Kada zumuɗin sabon sani ya sa ka ba da kaya bashi a cinikin farko, kuma labarin kasuwa da na ce ka riƙa bayarwa bai haɗa da sunayen manomanka da lambobinsu ba. Wannan jarinka ne.

Sauran katuna 13 ba za su ci maka lokaci ba. Zube su a tabarma yau da dare, ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka me muka tattauna da wannan. Wanda ka tuna, rubuta a bayan katin. Wanda ba ka tuna komai ba, shi ma bai tuna ka ba, ajiye lambar ka wuce. Za ka ga waɗanda suka rage ba su wuce 3 ko 4 ba. Idan akwai ma'aikacin hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ko na hukumar NAQS mai ba da takardar lafiyar amfanin gona, ka tura masa tambaya guda takamaimai kan rajista ko takarda, irin wadda aikinsa ne ya amsa. Kuma kada ka raina katin sa'anka, matashin da ke harkar riɗi ko citta wanda kuka yi ta raha a layin karɓar abinci. Shi zai amsa maka a ranar, shi zai gaya maka wane mai saye ne ke jan kuɗin mutane, kuma wata rana ku haɗa mota ɗaya zuwa Kano. Lokacin ajiye kowace lamba, ka haɗa da sunan taron da sana'ar mutumin, misali "Abuja Satumba riɗi", don ranar da ya kira bayan wata 5 kada ka ɗaga kana tambayar wa ke magana.

Kafin Alhamis ɗin, buɗe WhatsApp ɗinka ka duba sunan da hoton da baƙo yake gani. In laƙabin da abokai ke kiranka da shi ne a wurin, ko hoton ɗan ƙwallo, canza shi zuwa cikakken sunanka da kalmar zoɓo da Gumel, da hoton fuskarka sanye da irin hular da ka sa a taron.